Kafin ka toshe rami a raga, ƙirga fuskokin da ke kan gefen

Akwatin da na shirya don bugawa da firintar 3D ƙarami ne: tsawo milimita 60, faɗi 40, zurfi 25, kaurin bango milimita 2, da ginshiƙai huɗu a ciki inda sukurori za su shiga. A Blender, manhajar zanen 3D, na zana rabinsa, na bar Mirror ya cika ɗaya rabin. A ido babu abin da ya same shi. Amma fayil ɗin STL, wanda ake fitarwa don bugawa, bai san akwati ba, abin da ke cikinsa alwatika ne birjik, kowace da kusurwoyinta uku da alamar inda fuskarta ke kallo. Daga waɗannan ne silaisa, wato manhajar da ke yanka samfuri hawa-hawa, za ta gane ina ne ciki, ina ne waje. Ba za ta gane ba sai ragar, wato saƙar fuskokin samfurin, ta rufe ruf, kamar tulun da ba ya yoyo.

Ƙa'idar guda ce: kowane gefe fuskoki biyu ne za su haɗu a kansa, ba ƙari ba ragi. Gefen da ke da fuska ɗaya bakin rami ne. Wanda ke da uku ko fiye, akwai fuskar da ta maƙale a ciki ko ta ninku. Wanda ba shi da fuska ko ɗaya zare ne kawai da ke lilo. Duk ukun suna ɗaya Blender ke kiran su, Non Manifold, kuma nan mutane ke ruɗewa, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya ga gefuna sun haskaka ya danna F, maɓallin shimfiɗa fuska, nan take, sau da yawa sabuwar fuska ya ɗora a kan tsohuwa, matsalar ta ƙaru.

Na fara da komawa Object Mode, na yi wa Mirror Apply, na danna Ctrl+A na zaɓi Scale, don tazarar da zan rubuta a gaba ta zama ta gaske. Sannan na shiga Edit Mode, a zaɓin gefe, na bi Select, Select All by Trait, Non Manifold. Wannan umarni ba ya aiki a zaɓin fuska. A ƙasan allo ta hagu ɗan akwatin zaɓi yana fitowa da Wire, Boundaries, Multiple Faces, Non Contiguous da Vertices. Ina cire alamar duka, in riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya, ta haka nake sanin wace cuta ce a wane wuri.

Boundaries ya haska wani sashe na layin tsakiyar akwatin, inda rabi biyu suka haɗu. Ba rami ba ne a zahiri. Ɗigogin rabin hagu da na dama suna zaune wuri ɗaya amma ba a ɗinke su ba. Yadda ake tabbatarwa: kama ɗigo ɗaya ka ja shi da G, in ka ga wani ya rage a wurin, ninki ne. Maganin shi ne A don zaɓar komai, sai M, sai By Distance. Tazarar nan ita ce abin lura. Ina farawa da milimita 0.001, in ɗaga a hankali, ba na wuce 0.01 a kan abu mai wannan girma. In ka kai ta 0.5, ƙananan lanƙwasa na bakin ramin sukuru za su dunƙule, kuma Blender ba zai yi maka gargaɗi ba, adadin ɗigogin da ya cire kawai zai faɗa.

Bayan ɗinkin sai Multiple Faces ya haska sauran sashen wannan layin. Dalili kuwa, rabin da na zana yana da fuska a wannan sashen na inda aka yanka shi, to da aka haɗa sai ta zama katanga marar kauri a cikin naman bangon. Ba a ganinta daga waje sai an kunna X-Ray da Alt+Z. Select All by Trait yana da Interior Faces, wanda ke kamo irinta a zaɓin fuska, sai X, sai Faces. Ka duba abin da ya zaɓa kafin ka goge. Ka kuma lura da jerin: ɗinki ne farko, domin kafin ɗinki Blender bai ɗauke ta fuskar ciki ba tukuna.

Ramukan gaskiya a kan ginshiƙai suke. Kowane ginshiƙi bututu ne, faɗin waje milimita 6, ramin sukuru 2.5, kowace da'ira gefe 32, kuma samansa a buɗe. Wato gefuna 64 marasa abokin haɗi a saman kowanne. F a kan da'irar waje zai rufe saman gaba ɗaya har da ramin sukurun. Mesh, Clean Up, Fill Holes ma haka, in ka mai da Sides ya zama 0 zai toshe duk bakin da ya samu ba tare da ya san wanne kake so a buɗe ba. Abin da ya dace shi ne zaɓar da'irorin biyu da Alt da Shift+Alt, sai Edge, Bridge Edge Loops, ya shimfiɗa zobe tsakaninsu. F ya dace da ramin da bakinsa ɗaya ne kuma a shimfiɗe yake. In bakin ya lanƙwashe, Grid Fill ya fi, amma yana son adadin gefunan ya rabu biyu daidai.

Akwai laifin da Non Manifold ba ya nunawa. Ginshiƙan an haɗa su da akwatin ne da Ctrl+J, wanda suna kawai yake haɗawa, ragogin suna nan daban-daban, gindin kowanne yana shafar daɓen. Na ware su da P, na rufe gindinsu, na nutsa su milimita 0.5 cikin daɓen mai kaurin 2, sannan na haɗe su da akwatin jiki ɗaya da Boolean, Union, da Exact. Fuskoki biyu da suka kwanta daidai a kan juna su ne suka fi rikita Boolean, shi ya sa nutsawar. Daga nan A, sai Shift+N don fuskoki su kalli waje, na kunna Face Orientation na tabbatar babu ja a inda ido ke gani.

3D Print Toolbox, ƙarin kayan aikin da ake sa wa Blender, yana da Check All, kuma ina amfani da shi don tantancewa: Non Manifold Edges da Intersect Face su nuna 0. Maɓallinsa na Make Manifold kuwa ba na sake masa abin da ke da ramin sukuru, saboda dalilin da ya hana ni Fill Holes.

Wajen fitarwa, File, Export, STL, na kunna Selection Only da Apply Modifiers, na bar ASCII a kashe. STL ba ya ɗauke da ma'auni, lambobi ne tsura, silaisa kuma milimita take ɗaukar su. In ka zana a mita, tsawon 0.06 zai iso a matsayin milimita 0.06, ƙwayar da ba a gani, sai ka sa Scale ya zama 1000. In Unit Scale ɗinka 0.001 ne, bar Scale a 1, kada ka kunna Scene Unit. Samfurin da ya ƙanƙance sau 25.4 kuwa a inci aka zana shi.

Gwajin ƙarshe a silaisa yake. PrusaSlicer yana sa alamar gargaɗi kusa da sunan samfurin in ya gyara wani abu da kansa, kuma gyaran nasa zato ne. Na yanka, na ja sandar hawa-hawa daga ƙasa zuwa sama ina duba abu uku: tsakiyar bango babu layin da ya raba shi, ginshiƙai sun fito daga daɓe a matsayin jiki ɗaya, ramin sukuru yana buɗe har hawa na ƙarshe.