Kada ka goge sakin layi a kundin ƙa'idojin kamfani

Ƙannena da kuke fara aikin ofis a Jidda da Makka, ga abin da ya same ni da kundin ƙa'idojin ma'aikata na wani kamfanin jigilar alhazai, mai shafi tamanin da wani abu, Larabci da Turanci.

A babi na 6 akwai sakin layi 6.3 kan kuɗin abincin direbobi, 6.4 kan kuɗin ƙarin lokaci, 6.5 kuma kan cire tarar gudu ta Sahir daga albashin direban da ya jawo ta. Da aka haɗe kuɗin abinci cikin albashi, sai manaja ya ce in cire 6.3. Na goge shi. Word ya gyara lambobin da kansa: 6.4 ya koma 6.3, 6.5 ya koma 6.4. Na ga komai ya jeru tsaf, na buga, na raba.

Bayan wata biyu wani dattijon direba, Bahaushe haifaffen Makka, ya shigo da takardar albashinsa da tsohon kundi da ya naɗe a aljihun jallabiya. Ya ce, "Ɗana, an rubuta mini 6.4, ni kuma a nan 6.4 ƙarin lokaci ne. Yaya za a ce an ba ni, in ga an rage mini?" Na ce, "Baba, kawo in gani." Kundinsa da nawa bango ɗaya, suna ɗaya, babu lambar bugu, babu kwanan wata. Da gaskiyarsa, da gaskiyar mai lissafi. Ni na haɗa su faɗa, kuma har yau abin yana damuna, don mutumin ya kwana yana zaton an ci haƙƙinsa.

Lambar sakin layi suna ce. Da zarar kundi ya fita, lambar ta shiga wasiƙun gargaɗi, da fom, da bakin mutane, wuraren da hannunka ba zai kai ba. Don haka idan an soke 6.3, bar layin a wurinsa ka rubuta "6.3 An soke a bugu 1.2". Sabon sakin layi kuma ya tafi ƙarshen babi, ya zama 6.9 ko abin da ke biye, ko da ka ga ya fi dacewa da tsakiya. In dole sai tsakiyar, sa masa 6.4A, kamar yadda masu rubuta dokoki ke yi. Sake jera lambobi sai ranar babban bugu, tare da shafi guda mai nuna tsohuwar lamba da sabuwa.

Mataki uku sun isa, kamar 6.4.2. A Word, ka haɗa Multilevel List da Heading 1 da Heading 2 da Heading 3, kada ka buga lamba da hannu, sai dai irin 6.4A. Inda za ka ce "duba 6.5", sa shi ta Cross-reference, sannan kafin bugawa ka danna Ctrl+A da F9. Idan ka ga "Error! Reference source not found." to ka goge abin da wani wuri ke nuni gare shi.

Sai jadawalin bugu, a shafi na biyu, bayan bango. Daftari 0.1, 0.2, wanda aka sa wa hannu 1.0, ƙaramin gyara 1.1, sake kundin gaba ɗaya 2.0. Kowane layi ya ɗauki lambar bugu, ranar fara aiki da shi, sakin layin da aka taɓa, abin da ya canza, wanda ya rubuta, da wanda ya amince. Gurbin "abin da ya canza" ne mutane ke kashewa da "an yi gyare-gyare". Ni ma na yi. Rubuta haka: 1.2, an soke 6.3, kuɗin abinci ya koma cikin albashi, ba a taɓa sauran lambobi ba.

Kwanan wata kuwa, a ƙasar nan sai da kula. Wata rana na sa 05/06 kawai, aka rasa ko Jimada Sani nake nufi ko Yuni ko Mayu. Rubuta sunan watan, ka sa lissafi biyu: 1 Ramadan 1445, daidai da 11 Maris 2024. Ranar sa hannu daban, ranar fara aiki daban. Ta biyun ce mai lissafin albashi ke bukata.

Kwafin Larabci da na Turanci su ɗauki lambobi ɗaya da bugu ɗaya, su fita rana ɗaya, domin a dokar ƙwadago ta Saudiyya na Larabci ake bi idan sun saɓa. Ka kuma sa lambar bugu a ƙasan kowane shafi, don direba ba ya yawo da shafi tamanin. Shafi ɗaya yake ɗauka a waya, shi zai nuna maka ranar da ya zo da ƙorafi.