Ranar da na taya maƙwabtanmu girkin Homowo a Ankara

Mu a Sabon Zango na Ankara, babban birnin Ghana, muka tashi, kuma duk shekara ina ganin Ankarawa na bikin Homowo a watan Agusta amma sai bana na shiga ciki, da ƙawata ta ce in zo gidan kakarta a Jamestown in taya su aiki. Homowo a yarensu na Ga wai yi wa yunwa ihu ne, don kakanninsu sun sha fari sannan amfanin gona ya zo musu da albarka.

Abincin ranar sunansa kpokpoi, kuma wallahi ina gani na ce ai dambu ne. Masara ake jiƙawa a kai inji, garin ya kwana, da asuba a murza shi da hannu a tankaɗe a turara a tukunya mai huji irin madambacinmu, sai a juye a turmi a daka da gishiri da manja har ya yi ja, a sake tankaɗewa. Zubin farko da na yi na cika madambacin lokaci ɗaya na danna, tururi ya kasa ratsawa, ƙasa ya cure sama kuma ɗanye. Tsohuwar ta ce ɗiyata barbaɗawa ake yi kaɗan kaɗan, inda kika ga tururi ya ɓullo nan za ki ƙara. In ya dahu zaki ji yana warwarewa a yatsa ba ya manne miki. Miyar kuwa ta kwakwar manja ce da kifi banda.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ba wanda ya kai loma baki, har yaran da ke ta kuka, sai da dattijon gidan ya fito da jan ƙyalle a kafaɗa. Ya zuba giya a ƙasa yana kiran sunayen magabatansu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗibi kpokpoi yana watsawa a bakin kowace ƙofa da lungunan gida, rabon waɗanda suka rasu kenan, su ake fara ciyarwa. Ni musulma ce, na koma gefe na tsaya ba wanda ya ce min uffan. Da aka gama na ɗauko tsintsiya zan share, ƙawata ta riƙe min hannu da sauri ta ce ba a sharewa, a nan ake barinsa.

Bayan haka maza suka zagaye akushi ɗaya, babba da yaro kowa na wawar kifi, ranar ba a bin girma a wajen ci. Washegari da sassafe aka shiga gaisuwar Ngoo Wala gida gida ana yi wa juna fatan tsawon rai, kuma a gabana dattijon ya zaunar da wasu 'yan'uwa biyu da suka shekara ba sa magana, bai tashi ba sai da suka gaisa.