Yadda nake rarraba kuɗin shekara da aka biya tun farko a littafin kamfani, wata bayan wata

Ina riƙe da littattafan lissafin wani ƙaramin kamfani a Kano da ke haɗa wa makarantu da ofisoshi intanet, kuma mafi yawan kwastomominmu sun fi son su biya kuɗin shekara guda a dunƙule saboda rangwamen da ake yi musu. Lokacin da na kama aikin, na tarar ana rubuta duk kuɗin da ya shigo banki a matsayin kuɗin shiga na watan da ya shigo. Sakamakon haka, watannin Satumba da Oktoba, lokacin da makarantu ke sabunta yarjejeniyarsu, sai su nuna riba mai tsoka, sannan daga Janairu zuwa Yuli littafi ya riƙa nuna asara, alhali ma'aikata suna aiki iri ɗaya kowace rana, kuma ana biyan albashi da man janareta kamar kullum.

Tushen gyaran shi ne fahimtar cewa kuɗin da kwastoma ya biya tun kafin a yi masa aiki bai zama na kamfani ba tukuna ta fuskar lissafi, ko da yake yana zaune a asusun bankinsa. Telan da ya karɓi kuɗin ɗinki kafin salla, matuƙar bai ɗinka ba, bashi ne a wuyansa: ko ya kawo kaya, ko ya mayar da kuɗi. Haka lamarin yake ga kamfani, don haka ake ajiye irin wannan kuɗi a jerin basussukan da ake bin kamfanin, a wani asusu da manhajarmu ta lissafi ke nunawa da sunan `Deferred revenue`. Ƙa'idar lissafi ta duniya mai lamba IFRS 15, wadda aka fitar a 2014 kuma ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018, ta ginu ne a kan wannan tunani, wato ba a ƙirga kuɗin shiga sai gwargwadon yadda aka cika alkawarin da aka ɗauka wa kwastoma. Tunda intanet abu ne da kwastoma ke mora kowace rana har shekara ta ƙare, cika alkawarin ma a hankali yake faruwa, kuma dole littafi ya bi shi a hankali.

Ga yadda na yi da wata makaranta da ta biya kuɗin shekara. Farashin aikin naira 1,200,000 ne, daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Satumba na shekara mai zuwa. A kan wannan akwai harajin VAT, wanda a Najeriya ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020, wato naira 90,000. Abin da ya shigo banki ke nan naira 1,290,000, kuma ranar da ya shigo na rubuta shi haka, inda `Dr` ke nufin ɓangaren hagu na asusu, `Cr` kuma ɓangaren dama, kuma dole jimillar ɓangarorin biyu ta zo daidai:

```
Dr Bank               1,290,000
  Cr Deferred revenue   1,200,000
  Cr VAT payable           90,000
```

A lura cewa ko kwabo bai shiga asusun kuɗin shiga ba a wannan rana. Shi kuwa harajin, na ware shi tun daga farko domin na gwamnati ne, kamfani karɓa kawai ya yi a madadinta, kuma lokacin miƙa shi ga hukumar haraji dokar haraji ce ke tsara shi, ba ya jiran a gama watanni goma sha biyu. Wanda ya haɗa naira 90,000 ɗin cikin abin da zai rarraba, zai kumbura kuɗin shigarsa da naira 7,500 a kowane wata, kuma ya ɓoye wani bashin da ke kansa.

Ranar 31 ga Oktoba, da makarantar ta mori wata guda, sai na ɗebe kashi ɗaya cikin goma sha biyu daga asusun bashin na mayar da shi kuɗin shiga:

```
Dr Deferred revenue     100,000
  Cr Revenue              100,000
```

Wannan rubutu ba ya taɓa banki, domin babu kuɗin da ya shiga ko ya fita, matsayinsu ne kawai ya canja. Haka na maimaita a ƙarshen Nuwamba da ƙarshen Disamba. Shekararmu ta lissafi tana rufewa ne ranar 31 ga Disamba, saboda haka bayanin riba da asara na wannan shekara ya ɗauki naira 300,000 kacal daga wannan yarjejeniya, sauran naira 900,000 kuma suka tsaya a jerin basussukan da za a sauke cikin shekara guda.

A nan ne na sha tambaya daga mai kamfanin, kuma tambayarsa tana da ma'ana. Ya ce mini, "Malam, kuɗin nan na gan su da idona a banki, yaya za ka rubuta mini su a matsayin bashi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, idan gobe na'urorinmu suka tsaya muka kasa ba makarantar nan intanet, nawa za su zo nema?" Da ya lissafa watanni tara da suka rage, shi da kansa ya faɗi adadin. Tun daga lokacin, kafin ya ɗebi wani abu da sunan riba, sai ya fara tambayar nawa ne ke cikin asusun, domin ya gane cewa da waɗannan kuɗin ne za a biya albashi da kuɗin layin da muke saye a sari har watanni tara masu zuwa. A ganina wannan shi ne babban amfanin tsarin ga ƙaramin kamfani, fiye ma da gamsar da masu binciken kuɗi.

Yarjejeniyar da ta fara ranar ɗaya ga wata ba ta da wahala. Inda aikin ke buƙatar natsuwa shi ne inda ranar biya ta bambanta da ranar fara aiki, kuma hakan ya fi yawa. Wani ofishi ya biya naira 730,000, ban da haraji, ranar 20 ga Agusta, amma ba a gama kafa masa na'ura an kunna layi ba sai 16 ga Satumba, kuma yarjejeniyar ta ce shekararsa tana farawa ne daga ranar kunnawa. A watan Agusta ban ƙirga masa komai a kuɗin shiga ba, duk da cewa kuɗin sun kwana a banki, domin ba mu ba shi komai ba tukuna. Da aka kunna, sai na raba kuɗin a kan kwana 365, ya kama naira 2,000 a kowace rana. Satumba ya ɗauki kwana 15, wato naira 30,000, Oktoba ya ɗauki kwana 31, wato naira 62,000, haka har zuwa 15 ga Satumba na gaba. Wannan ya sa na roƙi injiniyoyinmu su riƙa miƙo mini takardar kammala aiki mai ɗauke da kwanan wata da sa hannun kwastoma, saboda ita ce hujjata, rasit ɗin banki ba zai gaya mini ranar da aiki ya fara ba.

Ana iya rabawa da wata ko da kwana, duka biyun karɓaɓɓu ne idan bambancin bai taka kara ya karya ba, amma wajibi ne a zaɓi hanya ɗaya a tsaya a kanta. Daga baya na mayar da dukan yarjejeniyoyinmu kan lissafin kwana, domin ya fi dacewa da masu farawa a tsakiyar wata. Na buɗe jadawali a Excel, kowace yarjejeniya da layinta: kuɗin aiki ban da haraji a `B2`, ranar farawa a `C2`, ranar ƙarewa a `D2`, sannan farkon wata a `E$1` da sauran watanni a jere. Wannan dabara ce ke fitar da rabon kowane wata:

```
=MAX(0,MIN($D2,EOMONTH(E$1,0))-MAX($C2,E$1)+1)*$B2/($D2-$C2+1)
```

Tana ƙirga kwanakin watan da suka faɗa cikin wa'adin yarjejeniya, ta ninka su da kuɗin kwana guda, kuma tana ba da sifili ga watan da ke wajen wa'adin. Shekara mai kwana 366 ma ba ta rikita ta, tunda daga ranakun da aka rubuta take ƙirgawa.

Rangwame ma yana ruɗar mutane. Idan farashin wata naira 100,000 ne, aka ce wa kwastoma ya biya na wata goma sha ɗaya a ba shi na goma sha biyu kyauta, bai dace a ƙirga naira 100,000 har sau goma sha ɗaya sannan a bar watan ƙarshe fayau ba. Abin da aka sayar shi ne aikin wata goma sha biyu a kan naira 1,100,000, don haka a lissafin wata-wata kowane wata zai ɗauki kimanin naira 91,667, a daidaita 'yan kwabban da suka rage a watan ƙarshe. Haka nan idan an sayar wa kwastoma na'urar da ta zama mallakinsa kuma zai iya amfani da ita ko da ya bar mu, ana ware kuɗinta a ƙirga shi ranar da aka miƙa ta, kuɗin layin ne kawai ake rarrabawa.

Idan kwastoma ya fasa a tsakiya, misali makarantar nan ta janye a ƙarshen Maris bayan wata shida kuma yarjejeniya ta ba ta damar karɓar ragowar kuɗinta, naira 600,000 da suka rage a asusun bashin su ne za a mayar mata, a rage asusun, a rage banki, a kuma gyara harajin da ya shafi wannan kaso. Kuɗin shigar watanni shidan da suka wuce ba a taɓa su, domin an riga an yi aikinsu.

Abin da ba na tsallakewa a ƙarshen kowane wata shi ne kwatanta jadawalin da littafi. Nakan tara abin da ya rage wa kowace yarjejeniya, jimillar kuma dole ta yi daidai da abin da asusun `Deferred revenue` ke nunawa. Idan littafi ya fi jadawali, yawanci an manta da rubutun wani wata ne, ko an karɓi sabon kuɗi ba a buɗe masa layi ba. Idan jadawali ya fi littafi, mafi yawan lokuta mai karɓar kuɗi ne ya tura kuɗin sabuntawa kai tsaye zuwa kuɗin shiga, kuma alamarsa ita ce watan ya yi tsalle fiye da maƙwabtansa ba tare da an samu sababbin kwastomomi ba. Idan kuwa ragowar wani kwastoma ta faɗa ƙasa da sifili, to an ci gaba da ƙirga masa bayan wa'adinsa ya cika, ko an mayar masa da kuɗi ba a tsayar da layinsa ba. Daga nan sai in duba duk yarjejeniyar da ranar ƙarewarta ta wuce, in tabbatar ragowarta ta koma sifili, sannan in rufe watan.