Lahadi, 22 ga Disamba 2024: Kuɗin cefane

Yau ta kama kasuwar Gujungu. Ban je da niyyar sayayya mai yawa ba, na tafi ne da wani tsohon littafin makarantar babban ɗana da biro, ina bin layi ina tambayar farashi ina rubutawa. Wani mai awo har ya tambaye ni ko gwamnati ce ta turo ni.

Abin da ya kai ni shi ne kuɗin cefane. Tun Disambar bara Maigida ya yanka mana naira 60,000 duk wata, yana turowa daga Fatakwal. A lokacin suna kai mu ƙarshen wata, mu bakwai har da Inna. Yanzu ranar 19 ko 20 ga wata sun ƙare, sai bashi a shagon unguwa. Shekaranjiya ya ce ya ji a rediyo hauhawar farashi ta kai kashi 34 da ɗoriya cikin ɗari, don haka zai mayar da su 80,000. Na yi godiya, amma raina bai kwanta ba. Wannan kashi 34 ɗin na ƙasa ne baki ɗaya, an haɗa da kuɗin haya da sutura da abubuwan da ba ma saye. Mu kuwa kusan duk kuɗinmu a tukunya suke ƙarewa.

Da na dawo, bayan la'asar, na shimfiɗa tabarma. Ban fara da naira ba, da kwano na fara: me muke ci a wata? Gero kwano 15, shinkafa 6, wake 3, mai kwalba 4, sai kayan miya na kullum, da niƙa da sabulu da itace. Kowanne na rubuta farashin bara a gefe, na yau a gefe. Na kwatanta Disamba da Disamba ne da gangan, domin in ka gwada farashin kaka da na tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, lissafin zai yi maka ƙarya.

Gero da nake aunowa 1,000 yau 1,600 ne, wato 15,000 ta koma 24,000. Shinkafa daga 2,000 ta hau 3,500, kwano shidan nan sun tashi daga 12,000 zuwa 21,000. Kayan miya ne suka fi ba ni wahala, don kashin tumatir na 200 har yau 200 ne, sai dai da guda bakwai ne, yanzu huɗu. Sai na lissafa abin da ke cika tukunya ɗaya: bara 500, bana 700. Da na tara komai, abin da 60,000 ke saye bara yau sai da 93,000. Ƙarin 33,000 ke nan, kashi 55 cikin ɗari. Na raba 60 da 93 na ninka da kwana 30, ya ba ni kwana 19 da 'yan kai. Daidai ranar da nake fara zuwa shago da kunya! Nan na san lissafin bai kuskure ba.

Bayan isha'i na kira shi na karanta masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Uwargida, wallahi 80 ɗin ma sai na matse." Na san gaskiya ya faɗa. Saura in nemo 13,000 daga cikin tukunyar kanta.

Shinkafa na fara taɓawa, na mayar da ita kwano 3. Amma cikin yara ba ya raguwa don an rage shinkafa, dole na ƙara gero kwano 3 a madadinta, ragin gaskiya 5,700 ne kawai. Miya za mu koma kuka da busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir, 550 a rana, an samu 4,500. Mai ya koma kwalba 3, an samu 2,500. Wake ban taɓa shi ba, duk da Inna ta ce, "'Yar nan, ki rage waken mana." Na ce, "Inna, shi ne namanmu." Jimilla ta tsaya a 80,300.

Abu biyu na roƙe shi. Ya yi ƙoƙari ya turo kuɗin buhun gero ɗaya yanzu da ake kaka, a cire daga na watannin gaba, kafin bazara ta ɗaga shi. Sannan duk wata uku mu sake duba littafin nan, kada mu ƙara shekara muna kan tsohon lissafi. Na biyun ya amince nan take. Na buhun ya ce in bari a biya su albashi tukuna.

Ɗari ukun da ta yi sama, na ce kajina za su biya da ƙwai. Sai da na rufe littafin na tuna ban sa kuɗin cajin waya ba.