Cin takwas cikin goma, uwar kuɗi kuma tana raguwa

Abin da ya fi zauna mini a harkar cinikin kirifto shi ne, yawan cin da mutum yake yi ba ya nuna ko yana samun kuɗi. Lissafi nake koyarwa a wata sakandare a ƙasar Ringim, cinikin kuma da yamma nake taɓawa a waya, saye da sayarwa da ɗan abin hannuna, ba na shiga na bashi. Shi ya sa samarin garinmu kan kawo mini wayoyinsu in duba musu, a nan ne kuma na ga yadda alƙaluma ke yaudarar mai su.

Wani tsohon ɗalibina mai shagon cajin waya ya same ni a gindin darbejiyar ƙofar makaranta, ya miƙo mini wayarsa, fuskarta a tsage, an liƙe da salatif. Ya ce, "Malam, duba ka gani, cikin ciniki goma takwas nake ci. Amma wallahi kuɗin ba sa tsayawa." Na ce ya karanto mini kuɗin, ya bar ƙirgen. Duk cin da ya yi bai wuce na naira 2,000 ba, domin da ya ga kore, alamar riba, ya bayyana sai ya sayar. Faɗuwar biyu kuwa kowacce ta kai 10,000. Takwas sau 2,000 ya ba da 16,000, biyu sau 10,000 ya ba da 20,000. Ashe a kowane zagaye na goma yana asarar 4,000, yana kuma murna.

Ba sakarci ne ya jawo masa haka ba. Ƙaramar riba tana da daɗin kamawa, amsa asara kuwa akwai ciwo, sai mutum ya riƙe kayan da ke faɗuwa yana cewa zai dawo. Wani masani, Terrance Odean, ya bi asusun masu sayen hannun jari 10,000 a Amurka, ya wallafa a 1998 cewa sun fi saurin sayar da wanda ya hau a kan wanda ya sauka. Wannan halin da kansa yake ƙara yawan ci, domin cinikin da ba ka rufe ba ba ya shiga layin faɗuwa, har ranar da zai shiga gaba ɗaya.

Saboda haka kafin in taɓa maɓallin saye, lamba uku nake rubutawa a bayan littafin darasi: farashin da zan shiga, farashin da idan an kai shi na yarda hasashena ya rushe, da farashin da zan karɓi riba. Na biyun shi ake sa wa Stop Loss a manhaja, na ukun Take Profit. A ce kwabon kirifton da nake so yana dala 2.00. Na duba jadawali na ga sau da yawa farashin yana sauka kusa da 1.93 ya juyo, to sai in ajiye wurin fita ƙasa da nan kaɗan, a 1.90. A sama kuma na ga masu sayarwa sun saba tare shi wajen 2.28, sai in sa burina a 2.25, kada in yi jayayya da su. Abin da na sa a kasada 0.10 ne, abin da nake nema 0.25. Ribar ta ninka kasadar sau biyu da rabi ke nan.

Daga nan ake fitar da lambar da ta fi kowacce amfani, wato sau nawa cikin ɗari nake bukatar ci don kawai in tashi ba riba ba asara. A raba kasada da jimlar kasada da riba: 0.10 a raba da 0.35, ya ba da kusan kashi 29 cikin ɗari. Ko da cikin goma uku kawai na ci, ban faɗi ba. Shi kuwa ɗalibin nan, 10,000 a raba da 12,000, yana bukatar sama da kashi 83, alhali yana kan 80. Ya yi ƙoƙari, amma hanyar da ya ɗauko ba ta barin wurin kuskure.

Yawan abin da zan saya ma daga nan yake fitowa. Idan jarina dala 400 ne, na kuma yanke ba zan rasa fiye da kashi 2 a ciniki ɗaya ba, dala 8 ke nan. Takwas a raba da 0.10, kwabo 80, na dala 160. In an ci dala 20, in an faɗi 8. Sai a cire ladan dandali, wanda a wurare da yawa kashi 0.1 ne a shiga, haka a fita. A nan bai kai rabin dala ba, amma mai farautar ribar rabin kashi ɗaya, ladan kaɗai ya cinye masa biyu cikin biyar na abin da ya samu.

Akwai wata matsala tamu ta ƙauye. Ka gama lissafinka a 2.00, sabis ya ɗauke, ka fita bakin titi kana ɗaga waya, kafin ya dawo farashin ya kai 2.10. Kwabon bai canja ba, wurin fita da buri suna nan, amma yanzu kasadar 0.20 ce, ribar 0.15. Abin da ke neman kashi 29 ya koma neman 57. Irin wannan barin sa nake yi ya wuce, ko da zuciya tana cewa ga shi yana tafiya.

Da wannan ma'aunin nake duba masu sayar da sigina a Telegram, wato shawarar inda za a shiga ciniki da inda za a fita, da ke tallar suna cin kashi 85. Tambayata ɗaya ce, ina TP1 ɗinsu, wato Take Profit na farko, ina SL, wato Stop Loss? Idan burin farko kashi 1 ne a sama, wurin fita kashi 8 a ƙasa, to cikin ciniki ɗari an tara 85 an zubar da 120. Ba lallai ƙarya suka yi ba, rabin labarin suka bayar.

Sai dai shi ma ninkin riba ana iya yi masa kwaskwarima. Na ga wanda ya ji wannan bayani, ya matso da wurin fitarsa daf da farashi, ya kai burinsa can inda kwabon bai taɓa zuwa ba, ya ce ya samu ninki goma. A takarda ne kawai. Ɗan motsin kasuwa na yau da kullum ya isa ya fitar da shi, yawan cinsa ya zube ƙasa da kashi 9 da yake bukata. Lambobin biyu jan juna suke yi, in ka ɗaga ɗaya ɗayar takan sauka, don haka jadawali ne zai nuna wuraren, ba son rai ba.

Stop Loss ɗin ma ba alkawari ba ne. Umarni ne na a sayar idan an kai farashin, a kan duk abin da aka samu mai saye. Ranar 15 ga Janairu 2015, da babban bankin Suwizalan ya janye iyakar 1.20 da ya sa tsakanin kuɗinsa da yuro, farashi ya tsallake wuraren fitar mutane cikin mintuna, wasu suka wayi gari da bashi. A ƙananan kwabban da ba su da masu saye da yawa, ƙaramin irin haka yana faruwa a kai a kai. Shi ya sa a littafina akwai layi biyu na asara, wadda na tsara da wadda ta auku, kuma da ta biyun nake fitar da matsakaicin faɗuwata a ƙarshen wata.