Littattafai Huɗu Sun Ishi Mai Neman Gurbin Karatu a Waje

Babban darasin da koyar da Turanci ga masu shirin karatu a ƙasar waje ke nunawa shi ne, tarin littattafai ba ya gyara harshe. Ɗalibi zai cika wayarsa da littattafai talatin, bai kai ƙarshen ko ɗaya ba. Huɗu sun isa a wata shida, muddin kowanne yana da aikin da aka ɗora masa.

Na farko shi ne English Grammar in Use na Raymond Murphy, mai shuɗin bango, kuma a nemi wanda ke da amsoshi a baya. Darussa 145 ne a cikinsa, kowanne shafi biyu: bayani a hagu, aikin gwaji a dama. Darasi ɗaya a rana ya isa, a gama cikin kusan wata biyar. Inda ake yin kuskure shi ne a karanta shafin hagu, a ce an gane, a wuce. A'a, da alƙalami za a cika shafin dama, a duba amsa, duk abin da aka kuskure a sake shi bayan mako guda.

Ga misalin abin da littafin ke warwarewa. Bahaushe kan ce “Ina Kano tun 2020”, sai ya ɗauki ginin nan kai tsaye ya rubuta “I am in Kano since 2020”. A Hausa jimlar lafiya lau take, domin lokaci mai ci ne ke ɗaukar abin da ya faro a baya yake kuma gudana. Turanci kuwa yana da wani gini daban na wannan aiki: “I have been in Kano since 2020”. Wanda ya gano cewa daga Hausarsa kuskuren ke tasowa zai riƙa tsayawa duk inda zuciyarsa ta ce “tun”, ya duba aikatau. Wannan ya fi haddar ƙa'ida amfani nesa ba kusa ba.

Sai littafin labari, don kunne da ido su saba da yadda jimla ke tafiya. Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, ya dace da farawa, saboda jimlolinsa gajeru ne kuma rayuwar ƙauye da ke ciki ba baƙuwa ba ce. Kafin a zaɓi kowane littafi, a buɗe shafi ɗaya a ƙirga kalmomi ɗari. Idan waɗanda ba a sani ba sun kai biyu ko uku, ya yi daidai; idan sun haura biyar, ƙamus za a yi ta buɗewa har a gaji, gara a sauka zuwa mai sauƙi. Shafi goma a rana, ɗaya daga ciki a karanta da murya.

Furuci kuwa ba ya gyaruwa da karatun zuci. Ship or Sheep? na Ann Baker yana jera kalmomi bibbiyu waɗanda sauti ɗaya ya raba su, kuma ba shi da amfani in babu muryar da ke tare da shi. Mu Hausawa matsalarmu sananniya ce: p da f. Harafin f namu da leɓɓa biyu muke furta shi, shi ya sa “pan” da “fan” ke fitowa iri ɗaya. A f na Turanci, haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa iska na zirarowa. A p kuwa leɓɓa na rufewa gam sannan su fashe. A riƙe takarda gaban baki: in an ce “pan” daidai, za ta yi tsalle. A ɗauki muryar kai da waya, a kwatanta da ta littafin, minti goma sha biyar kullum.

Na ƙarshe, kundin tsofaffin tambayoyin IELTS, jarrabawar gwajin Turanci ga masu neman karatu a waje, wanda Cambridge ke bugawa, nau'in Academic, kuma sai wata biyun ƙarshe za a taɓa shi. Awo yake yi, ba koyarwa ba. Wanda ya fara da shi zai ƙarar da tambayoyin alhali makinsa bai motsa ba. A yi aikin da agogo: a sashen rubutu, rubutun farko aƙalla kalma 150 cikin minti 20, na biyu aƙalla kalma 250 cikin minti 40, shi ne kuma mai nauyin maki ninki biyu. Duk rubutun da aka gama, a ba malamin da ya ƙware ya ja layi ƙarƙashin kurakurai ba tare da ya gyara ba, ɗalibi ya koma littafin Murphy ya nemo darasin kowane kuskure da kansa.