Na sauka daga jagorancin zauren manoma

Assalamu alaikum 'yan uwa manoman Hadejia da kewaye. Daga yau na ajiye jagorancin zaurenmu na WhatsApp, bayan shekara shida. Idona ya soma gajiya da karatun waya, ga gonar fadama tana neman mutum.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne 'yan damfarar takin zamani. Da damina ta matso sai baƙuwar lamba ta shigo, ta sa hoton buhunan yuriya a farashin da ko a kasuwar Maigatari ba a samu, wai a tura rabin kuɗi tukuna. Sau ɗaya na yi sakaci, wani dattijo ya tura kuɗin buhu biyu, washegari lambar ta mutu. Har yau abin yana ci mini rai. Tun ranar na daina sakin mahaɗin shiga zauren, kuma ba na saka kowa sai wani ɗan zaure ya tsaya masa, ya faɗi garinsu da unguwarsu.

Ƙanena da zai karɓa, don Allah ka riƙe wannan ƙa'idar ko da za a ce ka cika tsanani. Wanda na cire bisa kuskure ya yafe mini. Lambata tana nan.